Jadawali a Kwance: 'Yar Wasiƙar da Ke Ceton Kundin Digiri

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri na biyu ko na uku ya san aikin ba ya ƙarewa ranar da aka kare shi a gaban malamai. Bayan mai jarrabawa na waje ya koma garinsu, an yi gyare-gyare, malami mai duba aiki ya sa hannu, akwai sauran tebur guda da kundin zai hau: na jami'in da ke duba tsarin bugu a makarantar manyan digirori. Shi wannan jami'i ba ruwansa da ko binciken ya gano sabon abu. Abin da ke gabansa shi ne faɗin filin da aka bari a gefen takarda, da tazarar da ke tsakanin layuka, da girman harafi, da inda lambar shafi ta zauna. Wani da rula yake aunawa, wani kuma idonsa ya riga ya saba.

A mafi yawan shafukan kundi babu abin gardama, domin ƙa'idar a rubuce take. Inda ake samun saɓani shi ne shafin da aka kwantar, wato wanda aka juya takardar ta yi faɗi maimakon tsawo domin jadawali mai ginshiƙai da yawa ya samu wurin zama. Littafin ƙa'idoji zai ce a bar inci ɗaya da rabi a hagu, a bar inci ɗaya a sauran ɓangarori uku, a yi rubutu da tazara biyu. To, idan aka kwantar da takarda, ina ne hagun? Kuma tazara biyun nan, har cikin jadawali take aiki? Wasu littattafan ƙa'idoji sun amsa, wasu sun yi shiru. Daga wannan shirun ne ɗalibi mai hankali ke zama ya rubuta wa ofishin kundi 'yar gajeriyar wasiƙa kafin ya kai aikinsa wurin bugu.

Ƙaramar wasiƙa ce, amma rubuta ta da kyau yana bukatar mutum ya fahimci abin da yake tambaya.

Ƙa'idar gefe ta takarda ce

Dalilin da ya sa ake faɗaɗa gefen hagu ba ado ba ne. Nan ne mai ɗinkin littafi zai haɗa takardun, ya ɗinke ko ya manne su, ya sa bango mai tauri. Wani yanki na takardar yakan nutse cikin ɗinkin, musamman idan kundin mai kauri ne wanda ba ya buɗewa ya kwanta sosai. Sauran ɓangarorin uku kuma wuƙar datse takarda ce ke ɗan aske su domin su daidaita. Shi ya sa jami'o'i da yawa ke neman inci ɗaya da rabi a gefen ɗinki, wato santimita 3.81, da inci ɗaya a sauran, wato santimita 2.54. A Birtaniya, jami'o'i da dama sun daɗe suna faɗin ma'aunin da milimita: kada gefen ɗinki ya gaza 40.

Idan aka riƙe wannan dalilin, rabin tambayar ya warware. Kwantar da shafi a kwamfuta ba ya canja inda allura za ta shiga. Takardar nan da aka buga a kwance, a tsaye za ta shiga kundin kamar 'yan uwanta, kuma ta dogon gefenta za a ɗinke ta. Al'adar masu buga littattafai ita ce a sa kan jadawalin ya fuskanci hagu, ta yadda mai karatu zai juya littafin ta hannun dama, kamar yadda hannun agogo ke tafiya, ya karanta. A kundin da aka buga a fuska ɗaya ta takarda, wanda shi aka fi sabawa da shi a jami'o'in Nijeriya, hagun nan shi ne gefen ɗinki. Ma'ana, abin da ɗalibi ke gani a matsayin saman shafi a allon kwamfuta, shi ne zai shiga ɗinki. Saboda haka inci ɗaya da rabin nan a sama ya kamata ya koma, ba a hagun allo ba.

Wanda bai gane haka ba zai bar inci ɗaya da rabi a hagun shafin da ya kwantar, yana ganin ya bi ƙa'ida sau da ƙafa. Idan aka ɗinke, faɗin da ya bari zai koma ƙasan littafin inda ba a bukatarsa, taken jadawalin kuma ya matsa kusa da ɗinki da rabin inci. A siririn kundi abin zai iya wucewa. A kundin digiri na uku mai shafi 300, sai mai karatu ya danne littafin da hannu biyu kafin ya ga lambar jadawalin.

Akwai wani ɗan juyi ga jami'o'in da suka yarda a buga gaba da baya. A nan ma kan jadawalin hagu yake kallo, amma a shafin da ke bayan takarda ɗinkin yana dama ne. Ke nan a irin wannan shafi ƙasan jadawalin ne ke bukatar faɗin, ba samansa ba. Ɗalibin da zai buga gaba da baya ya kamata ya ambaci haka a wasiƙarsa, domin amsar za ta bambanta.

Misali da rula a hannu

A ɗauki misalin wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin noma, wadda ta gwada irin dawa 20 a gonar gwaji. Jadawalinta yana da ginshiƙai 12: na farko na sunayen iri, sauran 11 na alƙaluma ne, kamar tsawon kara, ranakun da aka ɗauka kafin fitar kai, nauyin zangarniya da yawan amfanin da kadada ta bayar. Mafi tsawon alƙalamin da ke ciki mai kama da 1,245.67 ne. Ƙa'idar jami'arta ta ce takarda A4, harafi Times New Roman mai girma 12, tazara biyu, inci ɗaya da rabi a hagu, inci ɗaya a sauran.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. A tsaye, idan aka cire 3.81 na hagu da 2.54 na dama, filin rubutu ya rage 14.65. Ginshiƙin sunayen iri ya ci 3.5, sai sauran 11 su raba abin da ya rage, kowanne ya tashi da kusan santimita ɗaya. Daga cikin wannan ma, manhajar Word tana barin ɗan fili na 0.19 a kowane gefe na gidan jadawali domin kada rubutu ya manne da layi. Abin da ya rage bai kai kashi biyu bisa uku na santimita ba. Shi kuwa alƙalami kamar 1,245.67, a harafi mai girma 12, yana bukatar kusan santimita ɗaya da rabi. Ba zai shiga ba. Word zai karya shi biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Wannan jadawalin dole ne a kwantar da shi.

A kwance, idan aka mayar da faɗin ɗinki sama kamar yadda ya dace, hagu da dama kowanne inci ɗaya ne, filin rubutu ya zama santimita 24.62. Bayan an cire ginshiƙin sunaye da ɗan filin cikin gida, kowane alƙalami yana da 1.54, shi kuma 1.48 yake nema. Ya shiga, da ƙyar amma ya shiga.

Abin sha'awa yana ga wanda ya yi kuskuren barin inci ɗaya da rabi a hagun allo. Faɗin filinsa zai sauka zuwa 23.35, rabon kowane alƙalami ya koma 1.42, wato ya gaza abin da ake bukata. Sai ya ga manyan alƙalumansa sun karye duk da ya kwantar da shafin. Daga nan sai ya fara ƙanƙanta harafi ko ya ja jadawalin ya tsallake iyakar gefe, alhali matsalar tana can wurin da ya ajiye rabin incin nan. Kuskure ɗaya ya jawo masa asara biyu: ya matse faɗi, ya kuma tura taken cikin ɗinki.

Batun tazara ya fi na gefe wuyar yankewa, domin shi ba hankali kaɗai ke warware shi ba, sai an ji ta bakin masu ƙa'ida. Shafin da aka kwantar ya samu faɗi amma ya rasa tsawo: daga sama zuwa ƙasa santimita 14.65 ne kawai. Layi ɗaya na Times New Roman 12 a tazara ɗaya yana cin ɗan ƙasa da rabin santimita, don haka shafin zai ɗauki layi kusan 30. A tazara ɗaya da rabi zai ɗauki 20. A tazara biyu, 15.

Jadawalin ɗalibar nan yana da layi biyu na lamba da take, layi biyu na kan ginshiƙai, sahu 20 na iri, da layi biyu na ƙarin bayani a ƙasa. Jimilla 26. Idan an yarda da tazara ɗaya, ya zauna a shafi guda har da saura. Idan aka ce lallai sai tazara biyu, zai rabu shafi biyu: iri 11 a na farko, 9 a na biyu. Mai jarrabawa da ke son kwatanta iri na uku da na goma sha bakwai sai ya yi ta juya takarda, littafin kuma yana karkace a hannunsa. Jadawali domin kwatance ake yin sa, kuma raba shi ba dole ba yana rage masa amfani.

Masu tsara salon rubutun ilimi sun san da wannan. Littafin salon APA, bugu na bakwai da ya fito a ƙarshen 2019, wanda sassan ilimi da na nazarin zamantakewa da yawa ke bi, ya ba marubuci zaɓi a cikin jikin jadawali: tazara ɗaya, ko ɗaya da rabi, ko biyu, gwargwadon abin da ya fi sauƙin karantawa. Amma lambar jadawali da takensa da bayanin ƙasa, waɗannan ya bar su a tazara biyu. Idan ɗalibar ta bi wannan tsari, layuka huɗun nan za su ci wurin takwas, jimillar ta zama 30, daidai bakin iyaka. Kaurin layukan da aka ja a jadawalin kaɗai zai iya tura layin ƙarshe zuwa sabon shafi. A nan ne tambaya ta uku ke fitowa: shin an yarda a rage harafin cikin jadawali zuwa 11 ko 10? A girma 10 shafin zai ɗauki layi kusan 36, babban alƙalamin nan kuma ya sauka zuwa santimita 1.23, komai ya sarara.

Sai dai APA ba ita ke ba da digiri ba. Inda ƙa'idar jami'a ta saɓa da littafin salo, ta jami'a ake bi. Inda jami'a ta yi shiru, wasu ofisoshin sukan ce a koma ga littafin salon da sashe ya zaɓa, wasu kuma suna da al'adarsu da ba a rubuta ba. Wannan al'adar da ba a rubuta ba ita ce ainihin abin da wasiƙar ke nema ta fito da shi fili.

Lambar shafi

Akwai abu na huɗu da ɗalibai kan manta, sai kundin ya dawo daga ɗinki su gan shi. Idan aka kwantar da shafi a Word, lambar shafi takan bi shi ta kwanta, ta zauna a ƙasan allo. Da aka mayar da takardar tsaye cikin kundi, wannan ƙasan shi ne gefen dama, gefen da yatsa ke kamawa a buɗe littafi. Sai a ga dukkan shafuka lambarsu a ƙasa tana tsaye, amma ta shafi na 87 ta koma gefe tana kishingiɗe.

Jami'o'in da suka fi kula da kundin takarda sukan ce lambar ta zauna wuri ɗaya, ta kalli ɓangare ɗaya, a kowane shafi. Waɗanda suka koma ga kundin kwamfuta sun sassauta, domin mai karanta fayil ɗin PDF ba ya juya littafi. Shafin a kwance yake bayyana a gabansa, kuma lambar da ke ƙasan allo ita ce ta fi masa. Jami'ar Virginia Tech ta Amurka ta wajabta miƙa kundi ta kwamfuta tun 1997, wasu da yawa suka bi sahu, har wasu suka daina neman faɗin ɗinki gaba ɗaya suka koma inci ɗaya a ko'ina. A Nijeriya abu biyun ke tafiya tare: ana miƙa kundi mai bango, ana kuma ajiye kwafin kwamfuta a rumbunan jami'o'i, irin rumbun Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Don haka ɗalibin da ya samo jagorar wata jami'ar waje ya bi ta ido rufe zai iya bin ƙa'idar da aka rubuta wa kundin da ba za a taɓa ɗinke shi ba.

Yadda wasiƙar ya kamata ta kasance

Mafi yawan irin waɗannan wasiƙu suna mutuwa ne saboda faɗinsu. Ɗalibi zai rubuta cewa yana neman ƙarin haske game da tsarin jadawali. Jami'in da ke da tarin kundaye a gabansa ba shi da abin cewa sai ya mayar da shi ga littafin ƙa'idoji, wanda dama shi ne ya yi shiru. An yi zagaye an dawo inda aka fara.

Wasiƙar da ke samun amsa ita ce wadda ta nuna an karanta ƙa'idar, ta faɗi inda ta tsaya, ta kawo abin da ɗalibi ke shirin yi, sannan ta nemi a ce masa i ko a'a. Galibi da Turanci ake rubuta ta, amma ga yadda ta ɗalibar nan za ta iya kasancewa da Hausa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a sashen nazarin amfanin gona, kuma ina shirin miƙa kundina bayan kammala gyare-gyare. A babi na huɗu akwai jadawali uku masu ginshiƙai 12 waɗanda ba su shiga shafi a tsaye, don haka na kwantar da su. Ƙa'idar makaranta ta ce inci ɗaya da rabi a hagu da tazara biyu, amma ban ga inda ta ambaci shafin da aka kwantar ba. Ga abin da na yi, ina roƙon a tabbatar mini ko a gyara mini. Na farko, na mayar da inci ɗaya da rabin saman jadawalin, domin nan ne gefen ɗinki, na bar inci ɗaya a sauran. Na biyu, na yi jikin jadawalin da tazara ɗaya, take da bayanin ƙasa kuma da tazara biyu. Na uku, na rage harafin cikin jadawalin zuwa 10. Na huɗu, na ajiye lambar shafi inda take a sauran shafuka idan kundin yana tsaye. A fuska ɗaya ta takarda zan buga. Na haɗo da shafi ɗaya da na buga a matsayin samfuri. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A ƙasa sai suna, lambar rajista, sashe, sunan malami mai duba aiki da kwanan wata.

Abin lura a wannan wasiƙa shi ne jami'in zai iya amsa ta da biro a jikin takardar cikin minti biyu: alamar daidai a gaban uku, gyara a gaban ɗaya. Samfurin da aka haɗa ya fi duk bayanin baki, domin zai ɗora rularsa a kai ya gani da idonsa. Kuma ba ta tuhumi kowa da sakaci ba. Ɗalibin da ya buɗe wasiƙarsa da cewa littafin ƙa'idojin makaranta bai cika ba, ko da gaskiyarsa, ya fara da ƙafar hagu.

Akwai kuma batun hanyar da za ta bi. A jami'o'i da yawa ɗalibi ba ya tsallake sashensa ya rubuta wa makarantar manyan digirori kai tsaye. Takarda takan bi ta hannun malami mai duba aiki ko jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashe. Sau da yawa ma amsar tana wurin wannan jami'in, ba sai an je gaba ba. Abin da bai kamata a dogara da shi ba shi ne tsohon kundin da aka ɗauko a laburare. Yana iya zama an buga shi ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida, ko kuma kuskurensa ya wuce ne ba a lura ba. Haka ma maganar mai shagon buga takardu da zai ce haka kowa ke yi. Yana iya fin ɗalibin sanin kwamfuta, amma ba shi zai sa hannu a takardar amincewa ba.

Idan amsa ta zo, a ajiye ta. Jami'in da ya amsa a watan Maris ba lallai ne shi zai karɓi kundin a watan Yuli ba.

Daga amsa zuwa aiki

Samun amsa ba shi ne ƙarshen wahala ba, domin Word na da nasa halin. Manhajar ba ta kwantar da shafi ɗaya ita kaɗai. Sashe take kwantarwa. Wanda ya danna Orientation ya zaɓi Landscape ba tare da ya keɓe shafin ba zai ga kundin gaba ɗaya ya kwanta. Hanyar ita ce a sa alamar raba sashe kafin jadawalin da bayansa, ta Layout, sai Breaks, sai Next Page da ke ƙarƙashin Section Breaks. Daga nan a sa alamar rubutu cikin sashen tsakiya a kwantar da shi kaɗai.

Word yakan juya ma'aunan gefe tare da shafin, amma kada a ɗauka an gama. A buɗe Custom Margins a duba da ido: Top ya nuna 3.81, sauran 2.54. Inda abin ya fi lalacewa shi ne a ƙarshen aiki, lokacin da wani zai ce bari ya daidaita gefen kundin baki ɗaya, ya sa 3.81 a Left ya zaɓi Whole document. Da wannan dannawa ɗaya shafukan da aka kwantar sun samu faɗi a inda ba a so, kuma alƙaluman da suka shiga da ƙyar sun karye.

Lambar shafi ita ce mai cin lokaci. Sai an shiga ƙasan shafin da aka kwantar an kashe Link to Previous, a kuma kashe shi a sashen da ke biye, in ba haka ba duk gyaran da aka yi zai bazu zuwa sauran shafuka. Sannan a cire lambar daga ƙasa, a sa ta cikin ƙaramin akwatin rubutu a gefen hagun allo, a juya ta da Text Direction. Hagun allo shi ne zai zama ƙasan takarda idan ta miƙe cikin kundi. Bayan haka a duba Format Page Numbers a tabbatar an zaɓi Continue from previous section. Alamar an manta da wannan a bayyane take: shafi na 86 ya wuce, sai na gaba ya ce shi ne na 1. Masu rubutu da LaTeX, irin ɗaliban lissafi da kimiyyar kwamfuta, sun huta da wannan, domin umarnin `sidewaystable` jadawalin kaɗai yake juyawa, ya bar lambar shafi a mazauninta.

Idan an zaɓi tazara ɗaya amma jadawalin ya ƙi shiga, a duba Paragraph a ga abin da ke gaban After. Rubutun da aka kwaso daga wani wuri yakan zo da ɗan ƙarin fili mai awo 8 a bayan kowane sakin layi. A sahu 20 wannan ya haura santimita biyar da rabi, fiye da kashi ɗaya bisa uku na tsawon shafin. Mayar da shi sifili kaɗai yakan warware matsalar. Idan kuwa ofis ya dage a kan tazara biyu, jadawalin ya rabu, to a zaɓi layukan kan ginshiƙai a danna Repeat Header Rows, domin shafi na biyu ma ya nuna wane alƙalami ne na me.

Wasu kan kauce wa duk wannan ta hanyar ɗaukar hoton jadawalin su juya hoton a shafi mai tsaye. Dabarar tana aiki a ido, amma tana da tsada. Rubutun yakan dushe a bugu, ba a iya gyara alƙalami ɗaya sai an sake hoton, kuma a kwafin kwamfuta mai neman wata kalma ba zai same ta ba. Idan ɗalibi yana son bin wannan hanya, ita ma a sa ta cikin wasiƙar.

Mataki na ƙarshe yana shagon bugu. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite da takardar Amurka mai suna Letter, wadda ta fi A4 faɗi da kusan milimita 6, ta kuma gaza ta tsawo da kusan milimita 18. Kundin da aka tsara a kan Letter aka buga a A4, ma'aunansa sun riga sun goce tun kafin a zo maganar jadawali. Haka nan idan an mayar da kundin PDF, wanda shi ya fi aminci domin ba ya motsi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, a gaya wa mai bugu ya zaɓi Actual size, kada ya zaɓi Fit, domin wannan na biyun yakan ɗan ƙanƙanta shafin ya canja awon da aka sha wuyar daidaitawa.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi ba ya cin fiye da kuɗin takarda uku. A buga shafin da aka kwantar tare da na gabansa da na bayansa, a jera su a tsaye kamar yadda za su shiga kundi, kan jadawalin yana kallon hagu. A ɗaga su a hasken taga: iyakar rubutun ukun ta gefen ɗinki ta hau kan juna, lambobin shafi su ma su faɗa wuri ɗaya. Sai a sa rula daga bakin takarda zuwa layin farko na taken jadawalin. Kada ya gaza santimita 3.8. Ranar da za a kai wa mai ɗinki kuma, a sake bin shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, domin yaron shago da ke haɗa takardu zai iya kifa ɗaya, kan jadawalin ya koma dama.

Ga ɗalibin da ke da jadawali a kwance a kundinsa, lokacin aika wannan wasiƙa shi ne tun ana shirya kwafin da za a tura wa mai jarrabawa na waje, lokacin da kundin ke cikin bango mai laushi kuma canja shafi bai wuce a zare a mayar ba. Da zarar an sa bango mai tauri an buga suna a jikinsa, gyaran shafi ɗaya yana nufin a farke kowane kwafi a sake ɗinkewa, kuma ɗalibin ne zai biya.